Daina yanke wa mutane hukunci da layi uku

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo: mutum ya rubuta layi biyu ko uku, sai ka kwafa ka zuba a manhajar tantance rubutu, ta nuna maka `98% AI`, ka ɗauki hoton allo ka yi ta yaɗawa wai ka kama ɓarawo. Malam, ba ka kama kowa ba.

Shin ka san abin da manhajar take aunawa? Ba ta ganin wanda ya riƙe waya. Kalmomi take bi, tana duba yadda kowace ta zo daidai da wadda ake tsammani, domin na'ura irin ChatGPT ta fi son ɗauko kalmar da aka saba ji. Daga nan sai ta haɗa lissafi. To duba wannan saƙon: "Na ga saƙonka, na gode. Zan turo kuɗin gobe da safe." Kalma 11 ce. Ta wace hanya kuma za a faɗe shi? Ɗan kasuwa haka zai rubuta, ɗalibi haka, na'ura ma haka. Babu inda hannun marubuci zai fito, balle a gane shi.

Ka ɗauki kwabo ka wurga sama sau 3, duk ya faɗo ta fuskar da ka zaɓa. Za ka rantse an yi masa maguɗi? Ina! Lafiyayyen kwabo ma yana yin haka sau 1 cikin 8. Amma in ya yi sau 20 a jere, wannan kusan sau 1 ne cikin miliyan, a nan kana da bakin magana. Gajeren rubutu wurgi uku ne. Kalma ɗaya baƙuwa ko kuskuren harafi ya isa ya juya sakamakon gaba ɗaya.

Su kansu masu abin ba su ɓoye ba. A Janairun 2023 kamfanin OpenAI ya fitar da AI Text Classifier, ya ce ba abin dogaro ba ce a rubutun da bai kai harafi 1,000 ba, kuma a Turanci kaɗai ya ba da shawarar a yi amfani da ita. A gwajinsu, kashi 26 cikin 100 na rubutun na'ura kawai ta kama, ta kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi. A Yulin shekarar suka janye ta saboda yawan kuskure. Turnitin da jami'o'i ke biya da tsada ba ta ba da sakamako sai rubutu ya kai kalma 300. Amma kai shafin kyauta mai cike da talla ya ba ka lamba a kan layi uku na Hausa, ka hau kai ka zauna?

In kana musu, gwada da kanka. Nemo wani gajeren saƙo da ka rubuta a WhatsApp kafin Nuwamban 2022, lokacin ChatGPT bai fito ba. Zuba shi a manhajoji uku daban-daban, ka rubuta abin da kowace ta ce. Sannan canza kalma ɗaya, ko ka cire waƙafi, ka sake zubawa ka kwatanta lambobin.