Idan bugun zuciyarka ya hau alhali ba ka ƙara gudu ba

A tagar ba da magani nakan haɗu da mutanen da likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Wasu sun sayi agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, sai su zo da damuwa iri ɗaya: sun fara sassarfa bugun yana 140 a minti, ba su ƙara sauri ba, amma bayan rabin sa'a ya haura 150. Ra'ayina shi ne, wannan hawan na rana guda bai isa ya tsorata ka ba, bai kuma isa ya sa ka yabi kanka ba. Ma'anarsa tana fitowa ne idan ka kwatanta mako da mako.

Ga abin da ke faruwa. Bayan minti goma zuwa sha biyar da fara gudu, jikinka yana ɗaukar zafi, sai ya tura jini zuwa fata don ya huce. Gumi kuma yana rage ruwan da ke cikin jinin. Saboda haka jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu yana ɗan raguwa, ita kuwa sai ta cike giɓin da yawan bugawa. Wannan yana samun kowa. Abin lura shi ne girmansa.

Auna shi ba wuya. Zaɓi hanya shimfiɗaɗɗiya marar tudu, ka ɗumama jiki na minti goma, sannan ka yi sassarfa ta minti arba'in da saurin da za ka iya magana a cikinsa. Kwatanta matsakaicin bugun rabin farko da na rabin ƙarshe. Masu horar da 'yan tsere sukan ɗauki hawan da bai kai kashi 5 cikin 100 ba a matsayin alamar cewa jiki ya saba da wannan saurin.

Mu ɗauki misalin magidanci mai fita bayan sallar asuba. A makon farko rabin farko ya ba shi 142, na ƙarshe 153: ƙarin 11 ke nan, kusan kashi 8. A mako na shida, a hanya ɗaya da sauri ɗaya, ya sami 138 da 143, ƙasa da kashi 4. Ya fara a ƙasa, hawan kuma ya ragu. Wannan ita ce alamar juriya. Sai ya ji daɗi ya ƙara kwanakin fita. A mako na tara ya ga 146 da 158, bugunsa na farkawa daga barci ya tashi daga 62 zuwa 70 kwana uku a jere, ƙafafunsa sun yi nauyi, barcinsa ya lalace. Wannan gajiya ce ta taru, maganinta kuwa hutun kwana biyu ko uku ne da rage nisa.

Sai dai kada ka yanke hukunci kafin ka duba abubuwa biyu. Na farko yanayi: gudun Afrilu ba ya kwatantuwa da na sanyin hunturu, haka wanda ka yi da ƙishirwa ko cikin azumi. Na biyu shi ne fagena, wato abin da ka sha. Salbutamol na masu asma, wasu magungunan mura masu buɗe hanci, goro, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna iya ɗaga bugu. Maganin hawan jini mai sa fitsari yana rage ruwan jiki, sai hawan ya ƙaru. Atenolol da danginsa kuwa suna danne bugun, har agogo ya nuna maka kana cikin sauƙi alhali kana wahala. Idan kana shan irinsa, ka dogara da numfashinka, kuma kada ka daina shi kwatsam don ka ga lamba ta gaskiya, domin yin haka yana da haɗari.

Abin da na fi ƙi shi ne mutum ya ga wannan alama ya nemi maganin ciwon jiki ya haɗiye ya fita. Idan hutu bai sauko da bugun ba cikin mako guda, ka je a duba ka, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini sukan fara bayyana ta haka. Idan kuwa akwai ciwon ƙirji, jiri, suma ko bugun da ke tsalle-tsalle, ka tsaya nan take ka tafi asibiti a ranar.