Wayar da ke yin shiru da kanta: fara da agogo, kada ka fara da taswira

Kusan kowane masallacin Juma'a daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, har can Doguwa, yana da takarda ko rubutu a bango da ke roƙon jama'a su kashe waya. Duk da haka liman ba ya kai ƙarshen huɗuba sai wayar wani ta ɗauki kiɗa a sahu. Ban yarda cewa taurin kai ne ba. Mutum ya baro shago ko gona da sauri, ya yi alwala, ya tsaya neman inda zai ajiye takalmi, waya ba ta zo masa a rai ba sam. Mantuwa ce, kuma wa'azi ba ya maganin mantuwa. Abin da ke maganinta shi ne a ɗora wa wayar aikin tunawa, tunda ita ba ta mantuwa.

Yawancin wayoyin da ke hannunmu suna iya hakan. Kana faɗa mata sau ɗaya cewa idan abu kaza ya faru ta yi kaza, shi ke nan, ta riƙe. A wayoyin Samsung ana kiran abin Modes and Routines, wanda ya fara fitowa a 2019 da sunan Bixby Routines, ko da yake wasu ƙananan samfuran masu araha ba su zo da shi ba. A iPhone yana cikin manhajar Shortcuts, a sashen Automation. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka cika aljihunan mutanen Burumburum, suna da jadawalin Do Not Disturb, sauran aikin kuma sai an ɗora musu wata manhaja irin MacroDroid. Abubuwa uku ne aka fi kafa tsari a kansu: lokaci, wuri, da shigar caji. Ra'ayina shi ne ukun nan ba ɗaya suke ba a ƙasarmu. Waɗanda suka ƙirƙiro su suna tunanin mutumin da ke da wuta dare da rana da intanet a kowane ɗaki, don haka wanda ya kwafi tsarinsu yadda yake zai sha takaici.

Na lokaci shi ne abin dogaro, domin agogon waya ba ya buƙatar data ko hasken lantarki. Ga yadda ake yi wa sallar Juma'a, kuma ba sai da wata sabuwar manhaja ba. Ka shiga Settings, ka nemi Do Not Disturb, ka buɗe Schedules, ko da yake sunan yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Ka ƙara sabon jadawali, ka zaɓi Juma'a kaɗai, ka sa lokacin farawa da na ƙarewa. Idan masallacinku da ƙarfe biyu ake tayar da salla, ka sa daga ɗaya da kwata zuwa biyu da rabi, don ya haɗe huɗuba da addu'ar bayan sallama. Lokacin ƙarewar nan ya fi na farawa muhimmanci. Da yawa daga masu ƙin sa waya a shiru suna da hujja: sun taɓa sawa, suka manta, sai da dare suka tarar da kira goma na mai sayen masara ko na gida. Jadawali yana mayar da ƙarar da kansa, kuma wannan ne ya sa ya fi yatsanka amfani.

Kafin ka fita daga wurin, ka duba abin da aka bari ya wuce. A Android akwai zaɓin repeat callers, wanda ke barin kira ya yi ƙara idan mutum ɗaya ya sake kira cikin minti 15. Wannan yana da kyau ga jadawalin dare, inda kira na biyu zai iya zama na haihuwa ko rashin lafiya. Amma mu mutane ne masu maimaita kira, wanda bai same ka ba nan take zai sake bugowa, saboda haka a lokacin salla zaɓin nan yana rushe aikin gaba ɗaya. Idan wayarka tana barin kowane jadawali da nasa saiti, ka kashe shi a na Juma'a ka bar shi a na dare. Idan saiti ɗaya ne ga duka, ka kashe shi, ka sa wa lambobin iyali tauraro, ka ba su kaɗai izinin wucewa, ka kuma gaya musu lokacin da kake masallaci.

Azahar da La'asar da sauƙi, tunda yawancin masallatanmu sun tsayar musu da lokaci. Magariba ce ke yawo. A ƙasar Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba, amma a watan Yuli sai ta kusa kai bakwai, tazarar kusan awa guda. Wanda ya kafa jadawalin Magariba da damina ya bar shi, kafin sanyi ya shigo wayarsa za ta riƙa yin shiru bayan an idar da salla. Ko dai ka riƙa gyara shi duk wata, ko ka yi amfani da zaɓin Sunset da ke cikin Shortcuts da MacroDroid, wanda ke lissafa faɗuwar rana daga inda kake.

Na wuri shi ne ya fi burge mutane, shi ne kuma nake cewa a bar shi sai daga baya. Tunanin yana da daɗi: ka zana da'ira a kan masallaci a taswira, da ka shiga waya ta yi shiru. Matsalar ita ce yadda waya ke gane inda take. Ba ta barin na'urar tauraron ɗan'adam a kunne kullum, domin hakan na shanye batir. Tana dogara ne da sandunan sadarwa da kuma Wi-Fi na gidajen da ke kewaye. A Nasarawa ko Zoo Road cikin birnin Kano waɗannan suna da yawa. A garuruwanmu Wi-Fi ba shi da yawa, sanda ɗaya kuma tana ɗaukar ƙauyuka da dama, don haka kuskuren zai iya kai ɗaruruwan mita. Kamfanin Google da kansa yana ba masu haɗa manhaja shawarar kada da'irar ta gaza mita 100 zuwa 150 daga tsakiya, kuma ya ce sanarwar shiga tana iya jinkirin mintuna. To ka auna: a gari kamar Burumburum, da'irar mita 150 a kan masallaci za ta iya haɗiye shagonka da gidan maƙwabcinka, wataƙila har da naka. Sakamakon ɗayan biyu ne, ko wayarka ta wuni a shiru kana zaune a shago, ko ta yi shiru bayan an kai raka'a ta biyu. Inda tsarin wuri ke aiki da kyau shi ne wurin da ya keɓe, kamar makarantar da ke bayan gari, inda malami zai zana babbar da'ira ba ta taɓa komai ba. Ko a nan sai an ba manhajar izinin Allow all the time, an kuma bar Location a kunne, wanda yake da nasa kuɗin a batir.

Sai na caji, inda bambancinmu da masu ƙera waya ya fi fitowa fili. A wurinsu, sa waya a caji alama ce ta mutum ya kwanta, shi ya sa Bedtime mode na Android yake da zaɓin ya kunna kansa idan an jona caji da dare. A wurinmu, caji sau da yawa yana nufin waya ta bar hannun mai ita, tana kan katako a shagon mai caji tare da wasu gommai, janareta na ruri, rufin kwano na zafi. Abin da ake so a wannan hali daban ne. Ana so data ta mutu, don kada bidiyon zaurukan WhatsApp su yi ta sauka suna cin kuɗi suna ƙara wa batir zafi. Ana so ƙara ta mutu. Ana so saƙon banki kada ya bayyana a fuskar wayar ga duk mai wucewa.

A Samsung, a ƙarƙashin If ka zaɓi Charging status, sannan ka ƙara sharaɗi na biyu, Time period, daga takwas na safe zuwa shida na yamma. A ƙarƙashin Then ka kashe Mobile data, ka kunna Do not disturb, ka tabbata an saita tsarin ya mayar da komai yadda yake idan ya ƙare. Sharaɗi na biyun nan shi ne zuciyar aikin. Idan babu shi, ranar da aka kawo wuta da tsakar dare ka jona waya a gida, za ta toshe kanta kana barci, mai nemanka da gaggawa ba zai same ka ba. A MacroDroid abin yana da gida uku: Power Connected a Triggers, abin da kake so a yi a Actions, lokacin kuma a Constraints, sannan ka haɗa na biyu da Power Disconnected don ya mayar da ƙara. Sai dai a Tecno ko Infinix manhajar ba za ta iya kashe data da kanta ba sai da wani izini na musamman da ake bayarwa ta kwamfuta, domin Android ta hana manhajojin waje taɓa wannan. Mafi sauƙi shi ne ka sa ta fito maka da tunatarwa da zarar mai shago ya jona, ka kashe da hannunka kafin ka juya.

Abu biyu ne ke yawan lalata wannan tsari. Na farko igiyar caji mai sako-sako ko wuta mai ɗaukewa tana dawowa: duk ɗaukewa waya tana ɗauka an cire ta, duk dawowa an jona, sai tsarin ya yi ta kunnuwa da mutuwa. Idan ka buɗe System Log a MacroDroid ka ga layuka a jere cikin minti ɗaya, igiya ce ko soket, ba manhaja ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Tsari ya yi aiki ranar farko, bayan kwana biyu ya daina ba tare da wata sanarwa ba. Wayoyin Tecno da Infinix da Redmi suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, su kuma hana su tashi bayan an sake kunna waya. Maganinsa shi ne ka ba manhajar izinin tashi da kanta, wanda ake rubutawa Autostart ko makamancinsa, ka kuma cire ta daga cikin waɗanda ake takura wa batir. Wannan ma dalili ne na fifita jadawalin da ya zo da wayar a duk inda zai wadatar, domin shi ba a kashe shi.

Kada wani ya ɗauka tsarin caji ya zama tsaro. Wayar da ba ta da lambar kulle, layin da ba shi da PIN, a buɗe suke ko da an sa musu tsari goma. A fara da kulle, a ɓoye saƙonni daga fuskar waya a Settings, sannan a zo kan sauran.

Roƙona yana ga masu shagunan caji da gyaran waya, da matasan da ke kwamitocin masallatai a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Saita jadawalin Juma'a bai fi aikin minti biyu ba, ba ya cin data, ba ya cin ko kwabo. Dattijon da bai karanta Turancin da ke Settings ba ba zai gano shi da kansa ba, amma zai miƙo wayarsa idan kun ce masa, “Baba, kawo in saita maka ta riƙa yin shiru lokacin huɗuba, ta dawo da ƙararta bayan an idar.” Ku saita masa, ku bugo masa ranar Juma'a kafin ku shiga sahu don ku tabbatar ya kama.