Wasiƙa zuwa ga masu sarin gyaɗa, dabino da busassun 'ya'yan itace

'Yan'uwa masu tebur, masu baro, da iyayenmu mata masu ƙulla gyaɗa a leda ko zuba ta a kwalba.

Kasuwarku ta buɗe a 'yan shekarun nan. Mutane da yawa sun rage biskit da alawa, sun koma gyaɗa, dabino, aya da zabibi, saboda likita ya ce su kula, ko don yara su samu abin taunawa mai amfani. Wanda ya tsaya gaban teburinku lafiya ya zo saye. To amma lafiyar kayan ba a tebur ake yanke ta ba, tun a wurin sari ake yanke ta, ranar da kuka tsaya gaban buhu a Dawanau ko Maigatari kuna tayi. Kuma abin da nake so ku riƙe shi ne, farashin buhu ba shi ne abin da kuka biya dillali ba. Sai kun tsince, kun auna abin da ya rage, sannan za ku san nawa kuka saya.

Gyaɗa ta fi kowanne haɗari, don haka a kanta zan daɗe. Fumfunar da ke kama ta idan ta sha danshi tana haifar da guba mai suna afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A Kenya kuma, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Hanta take ci. Wanda ke cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana iya kamuwa da kansar hanta, musamman idan yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kun san ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya kamata kowane mai suya ya sani shi ne, wuta ba ta gamawa da wannan guba. Yashi mai zafi zai kashe fumfunar, gishiri zai rufe ɗanɗanon, gubar kuwa akasarinta tana nan.

Saboda haka kada ku yarda da saman buhu. Saman buhu ado ne. Ku sa a kwance, ku zura hannu har gwiwar hannu, ku ɗebo daga tsakiya, in da hali a juye a ga ta ƙasa. Idan cikin buhun da ɗumi, gyaɗar ba ta bushe ba aka ɗure ta. Ku girgiza ƙwayar a tafin hannu: busasshiya tana ƙara, kuma idan kun ciza za ta karye ƙas, mai danshi kuwa lanƙwasa take yi ta manne a haƙori. Ku shinshina. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba alamar fumfuna ce, warin maganin ƙwari kuma dalili ne na barin buhun gaba ɗaya, ko da kyauta ne.

Daga nan sai ƙirga. Ku ware ƙwaya ɗari daga abin da kuka ɗebo, ku fitar da duk wadda ta motse, wadda ta fashe, wadda ƙwaro ya huda, da wadda launinta ya sauya. Ku raba wasu biyu ku duba ciki, domin wata bayanta lafiya lau, cikinta kuwa da ƙura-ƙura mai ruwan ɗorawa ko kore. A irin waɗannan ƙwayoyin gubar ta fi taruwa, shi ya sa tsinta da hannu take rage ta ƙwarai, ko da yake ba ta kawar da ita duka, tunda ido ba ya ganin gubar kanta.

Mu ɗauki misali da lissafi, ku sa farashin garinku a madadin nawa. Buhu biyu ne a gabanku. Na farko naira 80,000, kwano 40 cif, tsintuwarsa kwano 2. Saura 38, wato kowane kwano ya tsaya muku kusan 2,100. Na biyu an sallama muku a 72,000, kuna murna kun ci ribar 8,000. Kun je gida kun auna, 38 ya ba ku, domin akwai tsakuwa da ɓawo a ƙasa. Kun shanya kwana biyu ya ƙara raguwa, kun tsince, abin sayarwa ya tsaya a 32. Kwano ya kama 2,250 ke nan, ban da wahalar shanya da ladan masu tsinta. Arha ba ta ado, in ji Hausawa. Wannan ya fi faruwa da kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa ke shigowa da ruwanta, mai saye da kilo ya biya kuɗin ruwa bai sani ba.

Sai maganar tsintuwar, kuma a nan ne da yawanmu ke faɗuwa. Ana tara ta a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da rahusa, ko a watsa wa kaji da awaki. Ba a yi komai ba ke nan, an dai sauya wa gubar hanya: ƙuli-ƙulin yaran unguwa ne za su ci, dabbar da ake tatsa kuma tana iya fitar da gubar a nononta. A haƙa rami a binne.

Dabino ya fi sauƙi, amma sai an ɓare. Ku ɗauki goma daga wurare dabam-dabam na buhu ko kwali, ku tsaga kowanne. Busasshen dabino irin wanda ke zuwa daga wajen Agadas ƙwari ne abokan gabansa: za ku ga ɗan gari launin ƙasa kusa da ƙwallon, ko zare kamar na gizo-gizo, ko tsutsar da kanta. Idan kun ga baƙin gari kamar toka a ciki, fumfuna ce, ba a hure ta a ci. Mai laushi irin na Makka da Aljeriya kuwa tsami yake yi idan ya sha zafi, hanci zai gaya muku. Kada farin da ke fitowa a bayan tsohon dabino ya ruɗe ku. Idan kun murza kun ji ƙwaya-ƙwaya kuma ya narke a harshe, sukarinsa ne ya fito, ba shi da illa sai dai ya nuna dabinon ya kwana biyu, ku rage tayi. Idan kuwa gashi-gashi ne, a bar shi. Ƙyalli mai yawa da danƙo a hannu ma abin tambaya ne, domin akan shafa wa tsohon kaya ruwan sukari ko mai don ya yi kama da sabo. Kuma kowa ya san yadda farashi ke tashi gab da azumi. Busasshe yana jure ajiya, ku saya da wuri. Mai laushi kuwa ku ɗauki iya abin da za ku sayar cikin 'yan makonni, in ba ku da firji.

Zabibin da ya dunƙule ya zama curi, ko ayar da ke wari idan an tauna, danshi ne ya shige su. Magani ɗaya ne ga duka: buhu a kan katako, nesa da bango, kuma kada a ƙulle gyaɗa a leda sai ta huce sarai, don gumin da ke taruwa a ciki shi ne farkon lalacewa.

Ga mai saye kuma, ku bar shi ya ɗanɗana, ya tsaga dabino a gabanku. Idan na bara ne, ku ce na bara ne, ku sa masa kuɗinsa. Ina roƙonku, abin da ba za ku miƙa wa ɗanku ba, kada ku ƙulla wa ɗan wani.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a sana'a.