Ruwan Ido a Kasuwar Aure

Jama'a, yau 'yan boko da dama a Nassarawa GRA ta Kano sun sallami gwaggo da 'yar aike, sun danƙa neman aure ga manhajojin waya irin su Muzz. Wai a can zaɓi ya fi yawa. To, mu bi sawu.

Manhaja ba ta san hali ba, abin da ake cikewa a gurbi take tacewa: shekaru, gari, ilmi, tsawo, sana'a. A ce akwai samari 1,000, kowane sharaɗi yana zubar da rabi. Sharuɗɗa biyar za su bar wa budurwa wajen 31. Mai haƙuri da riƙon amana yana iya faɗuwa tun a tankaɗen farko, don kawai ya ɗara shekarun da ta rubuta da ɗaya.

Sauran 31 ɗin ma, ruwan ido ya hana a tsaya. A 2000, Sheena Iyengar da Mark Lepper sun bayyana gwajin da suka yi a wani kanti a Amurka. Da aka baje jam na shafa wa burodi iri 24, kashi 3 cikin ɗari na waɗanda suka tsaya ne suka saya. Da aka rage zuwa iri 6, sai kusan kashi 30 suka saya. Wanda ya san gobe akwai sabuwar fuska, yaya zai yi haƙuri da ta yau?

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, ku rage sharuɗɗa, ku tsaya kan mutum guda, ku bar magabata su binciki asali da hali. Mai ruwan ido, kasuwa kan watse ta bar shi.