Abin wasa mai batir ba ya koya wa jariri makaho miƙa hannu

Idan likita ya tabbatar cewa jariri ba ya gani, dangi masu hali sukan yi abu ɗaya: su shiga kanti su sayo abin wasa mafi ƙara. Wata mota mai jiniya, wata wayar roba mai rera waƙar Turanci, wata 'yartsana da ke dariya idan an danna mata ciki. Hujjarsu ita ce tunda ido ya gaza, sai a cika kunne. Niyyar mai kyau ce, amma hujjar gurguwa ce, kuma jaririn ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Sauti ba ya maye gurbin gani kai-tsaye. Jariri mai gani yakan fara kai hannu ga abin da ke gabansa tun yana da wata huɗu zuwa biyar, domin idonsa na shaida masa cewa abin na nan kuma ga inda yake. Selma Fraiberg, wadda ta bi diddigin jarirai goma da aka haifa makafi a Jami'ar Michigan, ta kuma tattara sakamakon a littafinta na 1977, ta gano cewa jariri makaho ba ya miƙa hannu ga abu saboda ƙararsa kawai sai wajen watannin ƙarshe na shekararsa ta farko. Kafin lokacin za a kaɗa masa ƙararrawa ya yi tsit yana saurare, hannayensa a ɗage kusa da kafaɗa, bai motsa su ba. Kunnensa lafiya lau yake. Abin da bai riga ya sani ba shi ne wannan ƙarar tana da jiki, jikin yana da wuri, kuma hannu zai iya cimma sa. Fraiberg ta lura kuma cewa rarrafe yakan jira wannan ganowa, domin yaro ba ya tafiya zuwa ga abin da bai san yana can ba.

To me wayar roba ke koya masa game da wannan? Yatsansa ya taɓa maɓalli bisa kuskure, waƙa ta ɓarke ta yi ta zuba ko ya saki ko bai saki ba. Ya danna a hankali ko da ƙarfi, ƙarar ɗaya ce. Jikin abin kuwa roba ce mai santsi, daidai da ta motar da ta 'yartsanar, ba nauyi, ba sanyi, ba ƙamshi. A kwatanta da cokalin ƙarfe da murfin tukunya. Ya buga da ƙarfi ya ji ƙara mai ƙarfi, ya goga ya ji wata dabam, ya tsaya komai ya tsaya, ya ɗora tafinsa a kan murfin ya ji karkarwar ƙarfen tana mutuwa. A nan kunne da hannu labari ɗaya suke ba shi, kuma shi ne marubucin labarin.

Haka batun ƙananan siffofi yake. Saniyar roba mai tsawon yatsa tana kama da saniya ne a ido kawai. A hannu ba ta da gashi, ba ɗumi, ba numfashi, ba girma. Ba a ce a haramta ta ba, amma lokacinta sai yaro ya shafa ɗan maraƙi ko ɗan akuya na gaske ya kuma sami harshen da za a yi masa bayani.

Wadda ta mayar da wannan fahimta kayan aiki ita ce Lilli Nielsen, malama 'yar ƙasar Denmark da ta shafe shekaru tana aiki da yara makafi. Matsalar da ta kama mai sauƙi ce: abin da ya kuɓuce daga hannun jariri makaho ya ɓace daga duniyarsa. Sai ta ƙera wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake kifawa a kan yaro yana kwance, an rataye abubuwa daga rufinsa da roba mai talewa. Ya ja abu ya saki, abin ya koma wurinsa. Ya sake kai hannu ya tarar da shi. Da maimaici ne yake gane cewa abu na nan ko ba a riƙe da shi. A ƙarƙashinsa ta shimfiɗa siririn falanki mai kaurin milimita 4, wanda aka yi wa gefe da katako mai kaurin santimita 2 don ya ɗago daga ƙasa kamar fatar ganga. Duk dukan da yaro ya yi da dunduniya, duk abin da ya faɗi, falankin zai ƙara masa amo ya kuma isar masa da shi ta baya.

Kafinta na unguwa zai iya yin irinsa. A ɗauki misalin jaririya 'yar wata takwas da ba ta fara kai hannu ba. A kwantar da ita a kan falankin, a gitta sanda mai ƙarfi a samanta, a rataya abu uku kacal: tarin cokula uku da za su riƙa karo da juna a dama, ɗan caki na duma da aka rufe bakinsa gam a hagu, buroshin goge haƙori sabo a tsakiya daidai ƙirji, inda hannaye biyu za su haɗu. Tsawonsu ya zama daidai inda hannunta zai buge su idan ta motsa ba da niyya ba. Robar a zura ta cikin siririn tiyo don kada ta naɗe yatsa ko wuya. A kashe rediyo da talabijin. Sai abu mafi wuya ga babba: ya zauna kusa ya yi shiru, kada ya kama hannunta ya ɗora a kan cokali. Hannu shi ne idonta, kuma yaron da ake yawan fizgar hannunsa yakan koyi janye shi.

Alamar ci gaba tana da tsari. Da farko bugu ne na kuskure, sai tsit na saurare, wanda iyaye da yawa ke ɗauka rashin sha'awa ne su yi maza su canza kayan. Bayan kwanaki sai maimaita bugun da gangan, sai riƙewa da kaiwa baki, sai sauya abu daga hannu zuwa hannu. Ranar da ta saki cokulan ta nufi cakin kai-tsaye ba lalube, ta haddace taswirar wurin. Shi ya sa ba a sauya wa abubuwan mazauni don a ce ta gaji da su. Idan kuwa ta yi makonni ba ta taɓa ɗaya ba, a duba tsawonsa kafin a zargi yarinyar.

Masu kare kayan batir suna da magana ɗaya mai nauyi: ƙwallo mai ƙararrawa a ciki tana yin shiru da zarar ta tsaya, alhali mai ƙara da batir tana ci gaba da sanar da inda take. Gaskiya ne, kuma ga yaron da ya fara rarrafe ko gudu wannan amfani ne na haƙiƙa. Amma amfaninta na zuwa ne bayan ya san ƙara tana da jiki. Kafin nan, a sa ƙwallon mai ƙararrawa a cikin babban tire ko kwando mai gefe, ba za ta gangara ta ɓace ba. Yaron da ke da sauran gani kuma ba fitilu masu walƙiya yake buƙata ba. Ya fi amfana da ludayi fari ko kofi rawaya a kan baƙin zane marar ado, hasken taga na zuwa ta bayansa.

Kayan gida ma suna da haɗarinsu, kuma yaro makaho yakan daɗe yana binciken abu da baki fiye da takwarorinsa. Duk abin da zai shige cikin kwalin da ake naɗe takardar bayi a kai ya yi ƙanƙanta. Cakin da tsakuwa ko wake ke ciki a duba shi kullum ko ya tsage, kuma ba a barin yaro shi kaɗai ƙarƙashin abin da aka rataye. Sai dai mafi muni yana cikin abin wasan kantin: ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda idan ya maƙale a maƙoshi zai iya ƙona naman wurin cikin kamar awa biyu. Murfin batirin da ba a ɗaure da sukuru ba, yatsun da suka ƙware a lalube ba za su daɗe ba su buɗe shi.