Raddi ga masu kiran duniyoyi masu yiwuwa tatsuniya

Wasu masu nazarin mantiƙi na cewa batun duniyoyi masu yiwuwa tatsuniya ce da aka sa wa rigar ilimi. Hujjoji uku suke kafawa.

Ta farko: wa ya taɓa ganin wata duniya bayan wannan? Gaskiya ne David Lewis ya yi da'awa a 1986 cewa duk suna nan daram kamar tamu, amma ba dole a bi shi ba. Tun a laccocinsa na Princeton a 1970 Saul Kripke ya nuna cewa mu ne ke ƙaddara su, ba hango su ake yi daga nesa ba. Kowace ɗaya cikakkiyar siffa ce ta yadda al'amura ke iya kasancewa. Wajibi shi ne abin da ya tabbata a dukkansu, mustahili bai tabbata a ko ɗaya ba, ja'izi kuwa ya tabbata a wasu, ya faɗi a wasu.

Ta biyu: wai tsohon mantiƙi ya wadatar. To, ga ashana busasshiya da ba a ƙyasta ba. "Da an ƙyasta ta, da ta kama." Kowa ya yarda. "Da an jiƙa ta sannan aka ƙyasta, da ta kama." Ba mai yarda. Amma a tsohuwar ƙa'ida, idan sharaɗi ya wajabta sakamako, ƙarin wani sharaɗi ba ya rushe shi, don haka ta farkon za ta haifi ta biyun. Robert Stalnaker a 1968 da Lewis a 1973 sun warware wannan ƙulli: ana duba duniyoyin da sharaɗin ya cika a cikinsu, waɗanda suka fi kusa da tamu kaɗai. A jimlar farko mafi kusa ita ce mai busasshiyar ashana. Ta biyu ta tilasta mu matsawa zuwa mai jiƙaƙƙiya, inda wuta ba ta kamawa.

Ta uku ce mai nauyi: da me ake auna kusancin? A 1975 Kit Fine ya kawo misalin Nixon, tsohon shugaban Amurka. Da ya danna maɓallin nukiliya, da an yi halaka. Alhali duniyar da wayar maɓallin ta lalace, kowa ya tsira, ta fi kama da tamu. Na yarda wannan suka ta taɓa ƙashi, sai dai kamannin ido ta rusa. Lewis ya amsa a 1979: a fara guje wa babbar saɓa wa dokokin halitta, sannan a nemi cikakken daidaito da tarihinmu gwargwadon iko; kama ta sama-sama ba ta da nauyi. Ko wayar ta lalace, zanen yatsan Nixon na kan maɓallin, shi kuma yana tuna ya danna. Share duk waɗannan alamu sai an saɓa doka a wurare barkatai, barin su kuwa kama ta sama-sama kawai yake samarwa. Duniyar da wayar ta yi aikinta ba ta bukatar ƙarin saɓawa ko ɗaya, don haka ita ce mafi kusa.