Zazzaɓi Ba Ya Duba Jadawalin Jarrabawa

Dubban ɗalibai ne ke rubuta jarrabawa a Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da sauran manyan makarantun Yola da Jimeta. Nan ne garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sauron bakin Binuwai ya addabi mutane da damina, kwalara kuma ta ɓarke a 2024. Ko an ƙi ko an so, sai wani ya kwanta ranar jarrabawa. To, don me ake ɗaukarsa kamar mai laifi?

A al'adar manyan makarantunmu, ɗalibi zai rubuta takardar ban haƙuri, ta bi ta hannun shugaban sashe, ta je wa shugaban tsangaya, sannan ta jira zaman majalisar malamai. Zai haɗa da rahoton likita, sau da yawa kuma sai asibitin makaranta ya buga masa hatimi. Nan gizo ke saƙa. Ɗan talakan da zazzaɓin cizon sauro ya kayar a ɗakin haya a Jambutu ko Doubeli, kemis abokansa ke kai shi, a yi masa allura, a ɗaura masa ruwa. Mai kemis ba ya ba da rahoto. Wanda ya yi ciwon gaske sai ya rasa shaida, mai uwa a gindin murhu kuwa ya samo takarda yana zaune lafiya lau.

Ku duba lissafin. Ɗaliba ta yi rajistar kwasa-kwasai masu nauyin 18, ta ci B a masu nauyin 15, wato maki 60. Ɗayan mai nauyin 3 ciwo ya hana ta zama. In an karɓi uzurinta, a raba 60 da 15, ta tashi da 4.00. In an rubuta mata F, a raba da 18, ta faɗo 3.33, ƙasa da 3.50 da ake nema a babban mataki na biyu. Ko an karɓa ma, galibi ce mata za a yi ta jira baɗi. In 'yar ajin ƙarshe ce, shekara guda ta tafi, ga kuɗin makaranta, ga jinkirin bautar ƙasa. Wannan zalunci ne!

Ɗalibi, kada ka jira ka warke. Tura ɗan ajinku da takarda a makon jarrabawar, ɗauke da lambar rajistarka, lambar kwas, ranar jarrabawar, katin asibiti da sakamakon gwajin jini. Ka nemi a ba ka zama na musamman, kuma a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Ku kuma hukumomi, ku ware mako guda bayan kowace jarrabawa don marasa lafiya. Ku karɓi katin asibitin unguwa, likitanku ya tantance shi, ku ba da amsa a rubuce kafin a fitar da sakamako. Wanda ya kawo takardar bogi ku hukunta shi shi kaɗai.